Ciwon ƙoda da inshorar lafiya: Wanki nawa ake biya wa majinyaci, wa ke biyan sauran?

Majinyacin da ƙodarsa ta daina aiki gaba ɗaya yana buƙatar wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama na ɗaukar kimanin awa huɗu, wato zama 156 ke nan a shekara. Shi kuwa tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda ma'aikatan gwamnati ke ƙarƙashinsa tun da ya fara aiki a 2005, adadin da ya daɗe yana amincewa ya biya shi ne zama shida, wanda idan aka bi yadda likita ya tsara, mako biyu ya ƙare. Mutane da dama ba sa jin wannan adadi sai ranar da ma'aikacin ofishin inshora na asibiti ya shaida musu cewa nasu ya cika, daga gobe kuma sai da kuɗi a hannu.

Wannan ba ya nufin katin inshora ba shi da amfani ga mai ciwon ƙoda. Amfaninsa mafi girma yana a shekarun da ke gabanin wanki, lokacin da ake iya rage wa cutar gudu da magani da awo. Sai dai samun wannan amfani ya rataya ne a kan sanin ƙa'idojin tura majinyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba, kuma a nan ne aka fi yin asara.

Me ya sa shida?

Likitoci sun raba gazawar ƙoda gida biyu. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke afka wa mutum cikin kwanaki: mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, ko amai da gudawa su tsotse ruwan jikin mutum, ko zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, ko maciji ya sari manomi. A irin wannan hali ƙodar ta sume ne, ba mutuwa ta yi ba. Idan aka riƙe majinyacin da wanki na 'yan kwanaki ko makonni, sau da yawa takan farfaɗo ta ci gaba da aikinta. Akwai kuma ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda ake kira da wannan suna idan lalacewar ta wuce wata uku. Hawan jini da ciwon suga da kumburin matatar ƙoda su ne manyan masu jawo shi, yana cin ƙoda a hankali tsawon shekaru, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Ƙa'idojin tsohuwar hukumar NHIS na shekarar 2012 sun ambaci wanki ne ga gazawar ƙoda ta farat ɗaya, har zuwa zama shida. Idan aka duba ta wannan fuska, adadin yana da ma'ana, domin zama shida kan isa ya tsallakar da mai jego ko wanda kwalara ta kayar. An tsara shi ne a matsayin gada, a haye a wuce. Mai ciwo mai daɗewa kuwa ba shi da gaɓar da zai haye zuwa gare ta, sai dai idan an yi masa dashen ƙoda, wanda shi ma ba ya cikin abin da tsarin ma'aikata na yau da kullum ke ɗauka.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS. Dokar ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu ƙaramin ƙarfi. Amma wajabta rajista daban, faɗaɗa abin da ake biya daban. Lissafin kuɗin shi ne ƙashin bayan matsalar: abin da ake tarawa daga albashin ma'aikaci ɗaya a shekara, wanda kuma ya haɗa da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ba ya kusantar kuɗin wankin mutum ɗaya. Kowane asusun haɗin gwiwa yana rayuwa ne a kan cewa masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa nesa ba kusa ba, kuma a Najeriya waɗanda ke cikin inshora har yanzu 'yan tsiraru ne.

Hanyar da takarda ke bi

Duk wanda ya yi rajista yana zaɓar asibiti guda a matsayin asibitinsa na matakin farko. Wannan asibiti yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke jerinsa, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗi ake ganin likita, a yi ƙananan gwaje-gwaje irin su awon fitsari da na suga, a ba da maganin hawan jini. Ma'aikacin da ke tsarin tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin magungunan hukuma.

Idan ciwon ya fi ƙarfin matakin farko, likita zai rubuta takardar tura majinyaci zuwa ga ƙwararre. Takardar kaɗai ba ta isa ba. Sai asibitin ya nemi lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da rajistar majinyacin, wato irin kamfanonin da ake kira HMO, domin daga wannan mataki zuwa sama ana biyan asibiti ne a kan kowane aiki da ya yi. Lambar ita ce alkawarin kamfanin cewa zai biya. Babban asibitin da ya yi aiki babu lamba yana iya tashi a tutar babu, shi ya sa ma'aikatansa ba sa sassauci a kanta ko da sun ga majinyaci yana numfashi da ƙyar.

Abin da ya fi rikita jama'a shi ne lambar ba ta mutum ba ce, ta aiki ce. Lambar da aka bayar domin ganin likitan ƙoda ba ita ce ta hoton ƙoda ba, ba kuma ita ce ta wanki ba. Idan likitan ƙoda ya rubuta sabon gwaji ko ya ce a kwantar da majinyaci, sai an koma ofishin inshora na asibitin an nemi wata. Jinkirin fitar da waɗannan lambobi ya daɗe yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen masu rajista, har ta kai a shekarar 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lamba cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema. Saboda haka majinyacin da aka ce masa ana jiran lamba yana da damar tambayar ƙarfe nawa aka aika buƙatar, ya kira kamfanin da kansa ta lambar wayar da ke jikin katinsa, idan abin ya ci tura ya kai ƙara ofishin NHIA na jiharsa. Sau da yawa idan aka bi diddigi sai a tarar buƙatar ma ba ta bar teburin asibitin ba.

Halin gaggawa yana da nasa hukunci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin da ke buƙatar agajin gaggawa, kuma mai inshora ba sai ya biya ta asibitinsa na farko ba idan rai na cikin haɗari. Amma wajibi ne iyalansa su sanar da kamfanin nan da nan, kuma su tabbatar asibitin da suka je yana cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Wanda ya biya kuɗi daga aljihunsa a wata cibiyar wanki mai zaman kanta, ba tare da sanin kamfanin ba, da wuya a mayar masa da ko sisi.

Misalin wani ma'aikaci

A ɗauki misalin ma'aikacin gwamnatin tarayya mai shekara 48, wanda aka gano yana da hawan jini shekara bakwai da suka wuce. Duk wata yana zuwa asibitinsa na farko, a auna jininsa, a ba shi ƙwayoyi, ya biya kasonsa ya tafi. A duk waɗannan shekaru ba a taɓa duba ko furotin na fita a fitsarinsa ba, ba a kuma auna sinadarin kiriyatinin a jininsa ba, alhali waɗannan gwaje-gwaje biyu su ne ke nuna halin da ƙoda ke ciki tun kafin mutum ya ji komai. Akwai dalilin da ya sa hakan ke faruwa. Asibitin da ake biya ƙayyadadden kuɗi, duk gwajin da bai yi ba riba ce gare shi, kuma neman lamba wahala ce ga ma'aikatansa. Ba kowane asibiti ne ke yin wannan ƙwauron ba, amma tsarin biyan kuɗin yana karkata zuwa can, majinyacin da bai tambaya ba kuma shi ake mantawa da shi.

Daga sakamakon kiriyatinin ne ake lissafa wani adadi da ake rubutawa eGFR a takardar gwaji, wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Lafiyayyen matashi yana da 90 ko fiye. Idan adadin ya sauka ƙasa da 60 ya kuma zauna a haka fiye da wata uku, ciwon ƙoda ya tabbata. Ƙasa da 30, ya zama dole majinyaci ya kasance a hannun likitan ƙoda. Ƙasa da 15 shi ne mataki na biyar, na ƙarshe, inda ake fara maganar wanki ko dashe. Tsakanin 60 da 15 akwai shekaru masu yawa ga mafi yawan mutane, kuma kusan duk abin da ake buƙata a wannan tsakani, wato ganin ƙwararre, sauya maganin hawan jini zuwa irin wanda ke kare ƙoda, daidaita suga da maimaita gwaji lokaci zuwa lokaci, yana cikin abin da inshorar ke iya ɗauka idan an bi ta hanyar tura majinyaci. A wannan lokaci ne kuma likita zai hana shi magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saye a kemis kamar alewa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Ma'aikacin wannan misali bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An kai shi asibitin koyarwa ne da dare, ƙafafu sun kumbura, yana amai, numfashi na sarƙewa. Gwaji ya nuna eGFR ɗinsa 7, hoto kuma ya nuna ƙodojin sun ƙanƙance, alamar cewa ciwon tsoho ne. Kafin a ɗora shi a kan na'ura sai an yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau, a kuma sanya masa bututun wucin-gadi a jijiyar matsematsi ko ta wuya. A makon farko kaɗai yana iya cin zama uku ko fiye, domin ana fara wanki ne da gajerun zama a jere har jiki ya saba. Kafin a sallame shi daga gado, shida ɗin sun ƙare ko sun kusa. Kwanakin kwanciya ma suna da iyaka, domin ƙa'idojin sun ƙayyade kwana 21 a jimlace cikin shekara.

Daga nan lissafi ya koma kan iyali. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. A kan tsohon farashi, zama 150 da suka rage wa wannan ma'aikaci a shekara za su ci naira miliyan bakwai da rabi. A kan farashin tallafi, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ne, wato kimanin naira 156,000 a watan da ya yi zama 13. Ragin babba ne, amma ko shi ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu. Kuma tallafin yana aiki ne a inda aka ware, ga wanda ya samu gurbi a kan na'ura, domin sauƙin farashi yana ƙara tsawon layi.

Kuɗin zama ba shi ne duka ba. Ƙodar da ta lalace ba ta samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, don haka majinyaci na buƙatar allurar da ake kira EPO tare da sinadarin ƙarfe, in ba haka ba sai an riƙa yi masa ƙarin jini. Bututun wucin-gadi yana saurin kama ƙwayoyin cuta, saboda haka ana buƙatar ƙaramar tiyata a hannu, a haɗa jijiyoyi biyu su zama hanyar wanki ta dindindin, wadda kan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta nuna. Ga kuɗin mota sau uku a mako, musamman ga wanda ke zuwa daga wani gari. Kowanne daga cikin waɗannan sai an tambayi kamfanin inshora daban ko yana ciki, kuma ya fi kyau a nemi amsar a rubuce. Abin da iyalai da yawa ke yi a ƙarshe shi ne rage zama daga uku zuwa ɗaya a mako, ko zuwa sai ranar da aka samu kuɗi. Ruwa da sinadarin fotasiyam sukan taru a jiki a tsakanin nan, fotasiyam kuwa idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba.

'Yan kasuwa da inshorar kamfanoni

Ɗan kasuwa ba shi da albashin da za a yanka, don haka hanyoyinsa uku ne: shirin GIFSHIP na hukumar NHIA, wanda mutum ko iyali ko ƙungiya ke biyan kuɗin shekara, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ko kuma tsarin da yake saya kai tsaye daga kamfani mai zaman kansa. Kowace jiha tana da nata jerin abubuwan da take biya, bai kamata a ɗauka daidai yake da na tarayya ba. Wasu jihohin ma sun bi wata hanya dabam, kamar Yobe, inda cutar ta daɗe tana addabar yankin Gashuwa, gwamnatin jihar kuma ke ɗaukar nauyin wanki kyauta a asibitinta na koyarwa da ke Damaturu. Wannan daga kasafin kuɗin jiha yake fitowa, ba daga katin inshora ba.

A tsarin kamfanoni masu zaman kansu ne ake cin karo da iyakar kuɗi ta shekara, kuma yadda ake tallata ta yana iya yaudarar mai saye. Takardar talla za ta ce, alal misali, ana ɗaukar nauyin jinya har naira miliyan biyu a shekara. Mai karatu zai raba wannan da naira 50,000 ya ce ya samu zama 40. Amma a cikin jadawalin akwai ƙananan iyakoki a ƙarƙashin babbar: kaza domin kwanciya, kaza domin tiyata, kaza domin magungunan cututtuka masu daɗewa, shi kuwa wanki yana da layinsa na kansa, inda sau da yawa ake rubuta cewa na gaggawa ne kawai, zama biyu ko uku ko kaɗan fiye da haka. Ƙaramar iyakar ita ke aiki, ko da ba a taɓa babbar ba. Abin da ya rage a ƙarshen shekara kuma ba ya tsallakawa zuwa ta gaba.

Sharuɗɗa biyu ne suka fi kama masu saye da kansu. Na farko shi ne lokacin jira: rajista ba ta fara aiki a ranar da aka biya, kuma ga cututtuka masu daɗewa wasu kamfanonin sukan sa jiran watanni, har zuwa shekara. Na biyu shi ne cutar da mutum ya shigo da ita. Wanda ya sayi tsari bayan likita ya riga ya gaya masa ƙodarsa ta taɓu, yana iya tarar da cewa an cire duk abin da ya shafi ƙoda daga abin da za a biya masa, idan kuma ya ɓoye a takardar rajista aka gano daga baya, kamfanin yana da hujjar ƙin biya. Ƙungiyoyin kasuwa da ke yin rajista a dunƙule sun fi samun sassauci a waɗannan sharuɗɗa, domin kamfani ya san a cikin mutum ɗari biyu masu lafiya sun fi yawa. Shugabannin ƙungiya da ke ciniki da kamfani suna iya neman a rubuta adadin zaman wanki ƙarara, a kuma fayyace ko adadin na kowace shekara ne ko na tsawon rajista gaba ɗaya, da ko ya shafi ciwo mai daɗewa ko na farat ɗaya kaɗai.

Dashe da zaɓin asibiti

Dashen ƙoda ana yin sa a Najeriya tun shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara nasa a 2002. Ga wanda ya samu ɗan'uwan da jininsu da namansu suka dace, dashe ya fi wanki ba da lafiya, kuma a tsawon shekaru ya fi shi sauƙin kuɗi. Sai dai aikin yana cin miliyoyin naira a tashi ɗaya, bayansa kuma akwai magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, waɗanda ake sha kullum muddin ƙodar na aiki. Iyalai kan yi gidauniya su haɗa kuɗin aiki, su manta da na magani, wanda ya tsayar da maganin kuwa yana iya rasa ƙodar da aka sha wahala a kanta. Sayen ƙoda ko sayar da ita laifi ne a ƙarƙashin dokar 2014.

Ga mai hawan jini ko ciwon suga da ke riƙe da kati a yau, akwai wani zaɓi da ke hannunsa wanda mutane kaɗan ke amfani da shi, wato sauya asibitin matakin farko. Ƙa'idojin sun ba mai rajista damar sauyawa bayan wata shida idan bai gamsu ba, ta hanyar cike takarda a ofishin hukuma. Manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen masu inshora da ke aiki a matsayin matakin farko, kuma wanda ya zaɓi irin wannan, takardar tura shi da ɗakin gwaji da likitan ƙoda duk suna cikin harabar guda, fayil ɗinsa ma ɗaya ne. Kuɗin wannan sauƙi shi ne cunkoso da dogon layi. Wanda ya fi son ƙaramin asibitin unguwarsa yana iya zama a can, muddin zai riƙa neman a yi masa awon furotin a fitsari da na kiriyatinin aƙalla sau ɗaya a shekara, ya karɓi kwafin sakamakon ya ajiye a gida, domin likitan ƙoda yana fara duban yadda adadin ya riƙa sauka ne daga shekara zuwa shekara kafin ya dubi na ranar.